Yadda Ake Sauke Babban Fayil Ta Torent Ba Tare Da Asarar Data Ba

Mu ɗauki misalin wata cibiyar koyar da kwamfuta a Samaru mai kwamfutoci goma, ana so a saka musu Ubuntu 24.04, tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta irin na Linux. Fayil ɗin girkawa ya kusa gigabayit 6. Intanet ɗin cibiyar na maifai ne, datar saye ake yi, kuma ana iya ɗauke wuta a kowane lokaci. Idan aka ɗauko fayil ɗin ta burauza, sabis ya yanke ana kashi 80 cikin ɗari, wani lokaci burauza ta ci gaba daga inda ta tsaya, wani lokaci kuma a koma farko. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne fayil ya sauka har ƙarshe amma da ɓaraka a cikinsa, ba za a gane ba sai an zo girkawa ya ƙi. Irin wannan aiki ne torent, wato hanyar sauke fayil daga hannun mutane da yawa a lokaci guda, ya fi dacewa da shi, kuma masu Ubuntu da kansu suna ajiye torent ɗinsu a shafinsu don duk mai so.

Abin da ke faruwa a ciki

Bram Cohen ne ya fito da tsarin BitTorrent a 2001. Dabarar ita ce a yanka babban fayil gutsure-gutsure masu girma ɗaya, kuma duk wanda ya samu gutsure ya fara miƙa shi ga wasu tun kafin shi kansa ya gama saukewa. Kamar ɗalibai ne da takardun lacca shafi ɗari, kwafi ɗaya tak a hannun shugaban aji. Maimakon kowa ya yi layi a wurinsa, sai ya ba wannan shafi goma, ya ba wancan wasu goma, kowa ya kwafa ya yi musaya da na kusa da shi, kafin la'asar kowa ya haɗa ɗarinsa.

Wanda ke da fayil ɗin cikakke, yana bayarwa kawai, shi ne manhajar torent ke ƙirgawa a ƙarƙashin `Seeds`. Waɗanda ke saukewa tare da kai, kowa da abin da ya tara, su ne a ƙarƙashin `Peers`. Da zarar ka kai kashi ɗari ka bar manhajar a buɗe, kai ma ka shiga sahun masu cikakke.

Ƙaramin fayil ɗin da sunansa ya ƙare da `.torrent` ba shi ne Ubuntu ba, takardar bayani ce kawai. A cikinta akwai sunan fayil da girmansa, da girman kowane gutsure, da adireshin tiraka, sannan da hatimin kowane gutsure ɗaya bayan ɗaya. Hatimin nan lamba ce da ake lissafowa daga abin da gutsuren ya ƙunsa, ta hanyar lissafin SHA-1 a tsohon tsari, ko SHA-256 a sabon tsari na biyu. Ko harafi ɗaya ya canza a cikin gutsure, hatimin da za a lissafo ba zai zo daidai ba. Mu ƙaddara fayil ɗinmu gigabayit 6 ne cif, an yanka shi kilobayit 256 kowane gutsure. Zai ba da gutsattsari 24,576. Kowane ɗaya ya iso, manhajarka za ta lissafa hatiminsa ta gwada da na cikin takardar. Idan sun dace ta ajiye, idan ba su dace ba ta yar ta nemo shi daga wani. Ke nan ɓarakar da za ta sa ka sake sauke gigabayit 6 ta burauza, a nan asararta kilobayit 256 ce.

Tiraka kuwa ba ta riƙe da fayil ko kaɗan. Saba ce, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta intanet, da ke riƙe da jerin adireshin waɗanda ke kan wannan torent a yanzu. Manhajarka ta sanar da ita ta iso, ita kuma ta ba ta adireshin wasu, daga nan sai hulɗa ta koma kai tsaye tsakaninka da su. Tun wajen 2005 aka ƙara hanyar DHT, wadda kwamfutocin ke riƙe wa junansu jerin adireshin ba tare da tiraka ba, akwai kuma PeX, inda wanda ka haɗu da shi yake gaya maka waɗanda ya sani. Shi ya sa mahaɗin da ya fara da `magnet:` yake aiki alhali babu takardar bayani a cikinsa. Abin da ya ɗauko shi ne hatimin torent ɗin gaba ɗaya, sai manhaja ta nemo masu shi ta karɓi takardar daga hannunsu.

Akwai ɗabi'u biyu na manhajar da ya kamata ka sani, domin su ne ke bayyana abubuwan da za ka gani a allo. Na farko, ba ta saukewa a jere daga farko zuwa ƙarshe. Takan duba gutsuren da ya fi ƙaranci a hannun jama'a ta fara da shi, don kada mai shi ya kashe kwamfuta ya tafi da shi. Saboda haka fayil ɗin da ke kashi 90 ba ya amfanuwa, ramuka ne a warwatse a cikinsa. Na biyu, masu saukewa suna fifita wanda ke ba su. A tsarin asali, kowace manhaja tana buɗe wa mutum huɗu ne a lokaci guda, tana sake zaɓe duk daƙiƙa 10 bisa wanda ya fi ba ta, sannan duk daƙiƙa 30 ta buɗe wa wani sabo ko da bai ba ta komai ba, don baƙo ya samu abin fara musaya. Wannan ne ya sa torent yake fara tafiya a hankali sannan ya ɗauki gudu bayan 'yan mintuna. Kada ka yanke masa hukunci a minti na farko.

Mataki na ɗaya: manhaja

A kwamfuta, qBittorrent ko Transmission sun wadatar. Kyauta ne, babu talla, kuma a shafin masu su za ka ɗauko, `qbittorrent.org` ko `transmissionbt.com`. A wayar Android akwai LibreTorrent. Bayanin da ke tafe na qBittorrent ne. Ka guji shafukan da ke tara manhajoji suna cewa danna nan, yawancin cutar kwamfuta da ake ɗora wa torent laifinta daga irin wuraren nan take shigowa.

Mataki na biyu: saiti, kafin ka ƙara komai

A nan ne mai sayen data yake tsira ko ya yi asara, don haka mu tsaya a kansa. Kamfanin layi yana cire maka data ne a kan abin da ka sauke da abin da ka tura, duka biyun. Torent kuwa turawa yake yi tun daga gutsuren farko, kuma ba ya dainawa don an gama saukewa. A ce an gama da ƙarfe goma na dare, aka bar kwamfuta a kunne har shida na safe, tana turawa kilobayit 200 a daƙiƙa. Awa takwas daƙiƙa 28,800 ne, abin da ya fita ya kai gigabayit 5 da rabi. Kusan kuɗin fayil na biyu ke nan, kuma ba abin da ya lalace, manhajar aikinta ta yi.

Shiga `Tools`, sai `Options`, sai `Speed`. A ƙarƙashin `Global Rate Limits` ka sa `Upload` a kan 50 KiB/s. Idan layinka yana sauke megabayit ɗaya a daƙiƙa, gigabayit 6 zai ɗauki wajen awa ɗaya da minti 42, kuma a tsawon wannan lokaci mafi yawan abin da za ka tura megabayit 300 ne. Kada ka sa sifili da nufin hana turawa, domin a wannan gurbin sifili na nufin babu iyaka. Kada kuma ka matse shi ya koma kilobayit ɗaya ko biyu. Masu saukewa za su daina fifita ka, gudunka ya ragu. A ɗaya ɓangaren, barin turawa ba iyaka shi ma yana rage gudun saukewa a layin waya, saboda ƙananan saƙonnin da manhajarka ke aikawa na neman gutsure da tabbatar da isowarsa suna bin hanya ɗaya da abin da kake turawa. Idan hanyar ta cika, sai su yi ta jira a layi.

Sai ka shiga `BitTorrent`, ka gangara zuwa `Seeding Limits`. A nan ake cewa idan abin da aka tura ya kai kaza, ko an yi minti kaza ana bayarwa, torent ya tsaya. Lambar `Ratio` ita ce abin da ka tura a raba da abin da ka sauke, 1.0 na nufin ka mayar da kwatankwacin abin da ka karɓa. Mai data ƙididdigagga ya sa abin da aljihunsa zai ɗauka, ko 0.1 ne. Amma wanda ke da intanet marar ƙididdiga a ofis ko shago, a ganinmu ya kamata ya bari ya kai 1.0 ko fiye, domin da irinsa tsarin yake tsaye.

Na ƙarshe, a `Connection` akwai `Global maximum number of connections`, wanda yakan zo a kan 500. Ƙaramar maifai ba ta jure wannan, za ka ga ta yi zafi, sauran wayoyin da ke kanta sun daina buɗe shafi. Mayar da shi 100.

Mataki na uku: ɗauko takardar daga hannun mai ita

Je `releases.ubuntu.com`, shiga babban fayil na 24.04, ka nemi wanda sunansa ya ƙare da `desktop-amd64.iso.torrent`. A wurin ka ɗauko `SHA256SUMS` ma, za mu buƙace shi. Dalilin nacewa a kan shafin masu abin shi ne hatimin gutsure yana tabbatar maka da abu ɗaya ne kawai, cewa abin da ya iso ya dace da takardar da ke hannunka. Idan mugu ne ya haɗa takardar, manhaja za ta sauke maka cutarsa daidai wa daida, ta kuma nuna maka kashi ɗari.

Mataki na huɗu: ƙarawa da zaɓen wurin ajiya

Danna `File`, sai `Add Torrent File`, ka zaɓi takardar. Taga za ta buɗe ta nuna sunan fayil da girmansa da inda za a ajiye shi. Duba cewa akwai sarari fiye da gigabayit 6. Idan a filash za ka ajiye, duba tsarinsa tukuna. Filash mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabayit 4 ko da sarari ya yi yawa, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS, kuma mayarwar tana goge abin da ke ciki. Ya fi sauƙi ka sauke a cikin kwamfutar, daga baya ka kwafa.

Mataki na biyar: karanta allo

A gurbin `Seeds` za ka ga lamba biyu, misali `14 (900)`. Ta farko waɗanda ka haɗu da su ne a yanzu, ta cikin baka kuwa yawan da aka ba da labarin suna nan. Ta farkon ce ke kawo maka kaya. Gurbin da ya fi su amfani shi ne `Availability`, idan ba ya nan ka danna dama a kan layin sunayen gurabe ka fito da shi. Yana nuna kwafi nawa cikakku za a iya haɗawa daga waɗanda ka haɗu da su. Idan ya wuce 1, fayil zai kammala ko da babu mai cikakke ko ɗaya, domin gutsattsarin duk suna nan a rarrabe. Idan ya tsaya a 0.973, to a kashi 97.3 za ka tsaya kai da kowa, har sai wani mai ragowar ya dawo. Torent ɗin Ubuntu na yanzu ba ya samun wannan matsala, tsofaffin torent da aka manta da su ne ke mutuwa haka. Ka duba wannan lamba a mintunan farko, kafin ka zuba data a abin da ba zai ƙare ba.

Idan ya tsaya

`Stalled` na nufin manhaja a shirye take amma ba mai ba ta. Duba shafin `Trackers` a ƙasa. Idan tiraka ta nuna `Not working`, kuma a can ƙasan taga DHT yana kan sifili, matsalar daga hanyarka ce. Ko dai sabis ya yanke, ko kana kan intanet ɗin makaranta ko ofis da aka toshe torent a kansa, abin da masu kula da irin waɗannan cibiyoyi kan yi don kada mutum ɗaya ya shanye layin. Kada ka nemi zagaye toshewar, ka nemi izini ko ka koma layinka. Idan kuwa tiraka tana `Working` amma masu cikakke sifili ne, torent ɗin ne ba kowa a kansa. `Downloading metadata` da ya daɗe bai wuce ba, a mahaɗin `magnet:` ake ganinsa, ma'anarsa ba a samu wanda zai ba da takardar ba tukuna. Idan akwai fayil ɗin `.torrent`, yi amfani da shi.

Za ka kuma iya ganin alamar da ke cewa babu haɗin da ke shigowa daga waje. A layukan waya wannan ba abin mamaki ba ne, domin kamfani yakan haɗa masu layi da yawa a bayan adireshin IP guda, ta yadda kai za ka iya kiran wasu amma ba mai iya kiranka. Buɗe ƙofa a rauta ko kunna UPnP, saitin da ke buɗe ƙofar da kansa, ba ya gyara wannan, tunda shingen yana can wurin kamfani. Illarsa ita ce da wuya ka haɗu da wanda shi ma yake bayan irin wannan shinge. A torent mai ɗaruruwan masu cikakke ba za ka ji a jikinka ba. A wanda mutum biyu ko uku ne kawai a kansa, yana iya hana ka samun komai.

Idan aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, ka kunna, ka danna dama a kan torent ɗin ka zaɓi `Force recheck`. Manhaja za ta bi abin da ke ajiye gutsure bayan gutsure tana gwada hatimi, ta riƙe masu kyau ta sake neman sauran. Binciken ba ya cin data. Da wannan dabarar ake ceto fayil ɗin da burauza ta bari a rabi ma. Ka mayar masa da ainihin sunansa kamar yadda yake a takardar torent, ka sa shi a wurin ajiyar, ka ƙara torent ɗin ka sa a bincika. Abin da ya ɓace kawai za a sauke, muddin siga ɗaya ce, domin 24.04.1 da 24.04.2 fayil biyu ne daban. `Missing Files` kuwa yakan fito ne idan ka matsar da fayil ko ka zare filash, sai ka nuna masa sabon wurin da `Set location`.

Mataki na shida: tabbatarwa da rabawa

Bayan an kammala, lissafa hatimin fayil ɗin gaba ɗaya. A Windows, ka sa ainihin sunan fayil ɗinka a wurin da ya dace:

```
certutil -hashfile ubuntu.iso SHA256
```

A Linux:

```
sha256sum ubuntu.iso
```

Lambar da ta fito mai harafi 64 ce. Gwada ta da wadda ke cikin `SHA256SUMS`. Wannan gwajin ya fi amfani bayan an kwafa zuwa filash, domin filash na jabu, irin wanda aka rubuta masa girman da ba shi da shi, yana lalata fayil ba tare da ya nuna kuskure ba.

Sauran kwamfutoci tara ba sa buƙatar taɓa intanet. Filash ɗaya na girkawa ya ishe su. Idan kuwa ana son kowace ta riƙe kwafi kuma duk suna kan rauta ɗaya, a kunna `Enable Local Peer Discovery` a kowace, a ƙara torent ɗin, za su gano wadda ta gama su ɗiba daga gare ta ta cikin gida. A tabbata an cire alamar `Apply rate limit to peers on LAN`, in ba haka ba iyakar kilobayit 50 ɗin nan za ta hau kansu. A wadda ta gama kuma a cire iyakar `Seeding Limits` a tabbata torent ɗin yana tafiya, don kada ta daina bayarwa kafin su gama. Sai dai a kula, muddin rautar na haɗe da intanet za su riƙa ɗiba daga waje ma, data na tafiya. A kashe datar rautar tukuna.

Me ya sa masu halal suke amfani da shi

Lissafi ne. Ubuntu na fitar da sabuwar siga duk Afrilu da Oktoba, kuma a ranar fitowa kowa ke zuwa lokaci guda. A ce mutum dubu ɗari suka zo ɗaukar gigabayit 6, gigabayit dubu ɗari shida ke nan da saba za ta tura, kuma wani ne zai biya kuɗin. A saba ta yau da kullum, yawan jama'a rage gudu yake yi. A torent kuwa kowane sabon mai saukewa ya zo da nasa ƙarfin turawa, don haka ranar cunkoso ita ce ranar da ya fi gudu. Ga ƙungiyar da ke rayuwa a kan gudummawa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Shi ya sa Debian da Fedora da Linux Mint da LibreOffice duk suke ajiye torent a shafukansu.

Internet Archive ta fara ba da kayanta ta torent a 2012, kuma tana sa sabobinta su zama madogara a cikin takardar, abin da za ka gani a shafin `HTTP Sources`. Ko ba kowa a kan torent ɗin, manhaja za ta ɗiba daga sabar, ta kuma ci gaba da gwada hatimi. Kiwix, masu haɗa Wikipedia a fayil guda don karantawa ba intanet, su ma suna ba da torent. Wannan abin dubawa ne ga makarantar da ke Tudun Wada ko cikin Birni mai ɗakin kwamfuta amma babu intanet, a sauke sau ɗaya a raba. OpenStreetMap na raba taswirar duniya ta wannan hanya. Kamfanin Blizzard ya yi shekaru yana tura sabunta wasanninsa da tsarin, kuma Twitter da Facebook sun yi amfani da shi a cikin gida wajen watsa sabuwar manhaja zuwa dubban sabobinsu.

Tsarin bai san halal da haram ba, izinin mai abu ne ke rabawa. Ubuntu da takwarorinsa lasisinsu ya yarda a kwafa a raba. Fim ɗin Kannywood ko littafi ko manhajar sayarwa da mai ita bai yarda a raba ba, Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare shi, kuma a torent babu wanda ke saukewa kawai. Tun gutsuren farko kana rabawa ga wasu, wato kai ma ka shiga cikin masu yaɗawa. Ba a ɓoye kake ba kuma. Buɗe shafin `Peers` a ƙasan taga za ka ga adireshin IP na duk wanda ka haɗu da shi, har da tutar ƙasarsa, su ma haka suke ganin naka. Gwajin da za ka yi kafin ka ƙara kowane torent mai sauƙi ne, ka duba ko mahaɗin yana kan shafin mai abin da kansa. Idan a wani wuri ka same shi, kuma abin na kuɗi ne aka ce kyauta, ka bar shi.